Yadda ake raba hirarrakin aiki, na iyali da waɗanda ba a karanta ba da foldodin Telegram

Folda a Telegram ba ta ɗauke hira daga inda take. Duk hirar da ka saka a folda tana nan a babban jerin da ake kira All Chats, kuma hira ɗaya tana iya fitowa a folda biyu ko uku a lokaci guda. Abin da folda take yi shi ne tacewa: ka ba ta sharaɗi, ita kuma ta nuna maka hirarrakin da suka cika shi kawai. Telegram ta kawo wannan tsari a watan Maris na 2020, kuma yana aiki a Android, da iPhone, da kwamfuta. Ana ajiye foldodin a asusunka, don haka in ka tsara su a waya za ka tarar da su a kwamfuta ba tare da ka sake komai ba.

Hanyoyin cika folda biyu ne, kuma yawancin matsalolin da mutane ke cin karo da su daga cakuɗa su suke fitowa. Ta farko ita ce ka zaɓi hirarraki ɗaya bayan ɗaya da hannunka. Ta biyu ita ce ka zaɓi nau'i guda, kamar duk zauruka ko duk tashoshi, sannan ka rage da sharaɗi. Foldar aiki da ta iyali hanyar farko suke so, domin Telegram ba ta san wane ne shugabanka a ofis ba, ba ta kuma san wace ce gwaggonka ba. Foldar saƙonnin da ba a karanta ba kuwa hanya ta biyu kaɗai ke yi mata.

Za mu bi misali ɗaya har ƙarshe. A ɗauka malama ce a wata makarantar sakandare, tana da hirarraki kusan 140 a wayarta. A ciki akwai zaurukan makaranta 6, da tasha ɗaya da ake saka sanarwar aiki, da abokan aiki 11 da take magana da su kai tsaye. Akwai zaurukan dangi 3 da 'yan uwa 14. Sauran kuwa tashoshin labarai ne da na wa'azi da na tallar kaya wajen 40, da bot guda 5, da tsofaffin hirarrakin da aka daɗe ba a taɓa ba. Sunayen maɓallan za mu rubuta su yadda suke fitowa a allon wayar da ke kan Turanci.

Inda ake shiga

Buɗe Telegram ka shiga Settings, sannan Chat Folders. A iPhone, Settings yana ƙasa ta hannun dama. A Android, gwargwadon sigar manhajar da ke wayarka, ko dai yana cikin layuka ukun nan na saman hagu, ko kuma a layin ƙasa. A kwamfuta ma ta layuka ukun ake bi zuwa Settings, sai a nemi wurin foldodi.

A shafin za ka ga maɓallin ƙirƙirar sabuwar folda, Create New Folder, a ƙasansa kuma wani sashe mai suna Recommended Folders inda Telegram ke ba da shawarar foldodi biyu da ta riga ta haɗa, Unread da Personal. In ka buɗe shafin sabuwar folda, abubuwa uku ne a ciki: wurin suna, da Included Chats na abin da zai shiga, da Excluded Chats na abin da ba zai shiga ba.

Suna ba ya wuce harafi 12, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Amma kada ka cika shi. Sunayen foldodin suna jeruwa ne a layi ɗaya a saman allon waya, kuma in suka yi tsawo sai na ƙarshe su ɓuya, sai ka ja layin gefe kafin ka gan su. Aiki, Iyali, Sababbi: uku ɗin nan tare da All Chats suna shiga allo ɗaya a yawancin wayoyi.

Foldar aiki

Danna Create New Folder ka rubuta Aiki. Ƙarƙashin Included Chats danna Add Chats. A saman shafin da zai buɗe akwai nau'o'i biyar, Contacts, Non Contacts, Groups, Channels da Bots, a ƙasansu kuma jerin hirarrakinka. Kada ka taɓa ko ɗaya daga cikin biyar ɗin. Sauka ƙasa ka yi wa hirarrakin aiki alama ɗaya bayan ɗaya, ko ka rubuta suna a wurin nema da ke sama in jerin ya yi tsawo. Malamarmu za ta zaɓi zauruka 6, tasha 1 da mutane 11, ya zama 18. Tabbatar da zaɓin, ka bar Excluded Chats yadda yake babu komai, sannan ka danna Save ko Create, duk wanda wayarka ta nuna. In maɓallin ya ƙi aiki, ko dai ba ka rubuta suna ba, ko ba ka saka ko hira ɗaya ba. Telegram ba ta ajiye foldar da babu komai a cikinta.

Dalilin ƙin taɓa Groups a nan a fili yake. Da zarar ka zaɓe shi, duk wani zaure da kake ciki zai shigo, na biki da na adashi da na tsofaffin ɗalibai, kuma duk sabon zauren da aka jefa ka gobe shi ma zai shigo da kansa. Sai foldar aikin ta koma wani All Chats ɗin.

Hanyar zaɓe da hannu tana da nata nauyin, wato ba ta sabunta kanta. In aka buɗe sabon zaure na kwamitin jarrabawa, ba zai fito a Aiki ba sai ka saka shi. Ba sai ka koma Settings ba: a Android, danna hirar ka riƙe har ta zaɓu, ka taɓa ɗigo ukun sama, ka zaɓi Add to folder. A iPhone danna ka riƙe, zaɓin zai fito a jerin da ya buɗe. A kwamfuta kuwa danna hirar da maɓallin dama na linzami. Mafi sauƙi shi ne ka yi hakan a ranar da aka saka ka a zauren. Wanda ya saba da duba foldar Aiki kaɗai da safe, in sabon zaure ya yi kwana uku a waje, sanarwar kwana uku ce ta wuce shi.

A asusun kyauta, folda ɗaya tana ɗaukar hirarraki 100 da aka zaɓa da hannu, kuma ana iya yin foldodi 10. Mai Telegram Premium yana samun 200 a kowace folda, da ƙarin yawan foldodi. Wannan iyaka ta zaɓen hannu ce kawai. Abin da ya shigo ta nau'i, kamar duk tashoshi, ba a ƙirga shi, ko da sun kai ɗari uku.

Akwai wani amfani da mutane ke tsallakewa. A All Chats, asusun kyauta yana maƙale hirarraki 5 ne kawai a sama. A cikin folda kuwa maƙalewar daban take, kuma ba a tsaya a biyar ba. Malamar tana iya shiga Aiki, ta danna hirar shugaban makaranta ta riƙe, ta zaɓi Pin, ta yi haka ga zauren malamai da tashar sanarwa, ba tare da ta taɓa biyar ɗin da ta maƙale a babban jeri ba.

Zauren da aka raba shi zuwa batutuwa, wato mai Topics, gaba ɗayansa yake shiga folda. Ba a ɗauko batu ɗaya a bar sauran.

Foldar iyali

Matakan iri ɗaya ne: sabuwar folda, suna Iyali, Add Chats, sai a zaɓi zauruka 3 da mutane 14 da hannu. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne zaɓar Contacts da tunanin cewa dangi ne aka ajiye lambarsu. Contacts yana nufin duk wanda ke cikin jerin mutanenka na Telegram, har da mai gyaran janareta da tela da abokan aiki. Shi ma Personal da Telegram ke ba da shawara ba foldar iyali ba ce. Hirarrakin mutum da mutum take tarawa, ba ta kuma ɗauko zauren gida.

In akwai ɗan uwan da ba ka taɓa yin hira da shi a Telegram ba kuma ba ka gan shi a jerin zaɓe ba, tura masa sallama tukuna, hirar ta samu, sannan ka saka ta.

Mutum ɗaya yana iya zama a wuri biyu. In ƙanwar malamar tana koyarwa a makaranta ɗaya da ita, a saka ta a Aiki a kuma saka ta a Iyali. Hira ɗaya ce, in an karanta ta a nan an karanta ta a can.

Foldar waɗanda ba a karanta ba

Wannan ita ce ta fi amfani, kuma ita ta fi buƙatar a fahimci yadda take aiki. Kana iya danna Add a gaban Unread da ke Recommended Folders ka samu a take, amma gara ka gina ta da kanka sau ɗaya don ka san abin da ke ciki.

Buɗe sabuwar folda ka sa mata suna Sababbi. A Included Chats, wannan karon nau'o'in za ka zaɓa, kada ka zaɓi ko hira ɗaya da hannu. Sai ka shiga Excluded Chats. A samansa akwai sharuɗɗa uku: Muted na hirarrakin da aka kashe wa ƙara, Read na waɗanda aka riga aka karanta, da Archived na waɗanda aka tura Archive, wato ma'ajiyar da ake ɓoye hirarraki daga babban jeri. Zaɓi Read. Daga nan duk hirar da saƙo ya shigo mata za ta bayyana a Sababbi, in ka karanta ka fito kuma ta fice da kanta.

In malamar ta zaɓi nau'o'i biyar ɗin duka ta cire Read kaɗai, ga abin da za ta gani washegari da safe: tashoshi wajen talatin da suka yi ta zuba saƙo cikin dare, da zauruka takwas, sai mutum biyu da suke jiran amsarta sun nutse a tsakiya. Foldar ta yi aikin da aka ba ta, amma ba ta rage mata wahala ba. Abin da ake so daga wannan folda shi ne ta nuna saƙon da ke jiran amsa, kuma tasha ba ta jiran amsar kowa.

Hanyoyin gyara biyu ne. Ta farko, a cire Channels da Bots daga Included Chats, a bar Contacts, Non Contacts da Groups. Ta biyu, a bar nau'o'in amma a ƙara Muted a Excluded Chats, sannan a bi tashoshi da zaurukan hayaniya a kashe musu ƙara. Ta biyun ta fi ɗaukar lokaci a ranar farko, amma ita ce ta fi kyau, domin tana ba ka damar yanke hukunci a kan kowace hira ita kaɗai. Tashar sanarwar aiki ka bar mata ƙara, sai ta riƙa fitowa. Zauren tsofaffin ɗalibai mai saƙo ɗari biyu a rana ka kashe masa, sai ya daina fitowa. Ba kuwa sai ka sake buɗe shafin foldar ba. Kashe ƙara ko kunna ta ya wadatar. Ana kashewa ta hanyar danna hirar a riƙe a zaɓi Mute, ko daga cikin hirar ta wurin sunanta.

Masu tsoron cewa wani abu mai muhimmanci zai wuce su a zauren da suka kashe wa ƙara su kwantar da hankali a kan abu ɗaya. In wani ya ambaci sunanka da alamar @, ko ya ba da amsa kai tsaye a kan saƙonka, zauren zai fito a Sababbi duk da sharaɗin Muted. Abin da zai wuce ka shi ne sanarwar da aka yi wa kowa ba a kira sunanka ba. Saboda haka zauren da ake sanar da rasuwa ko ranar suna a cikinsa, irin na gida, ba a kashe masa ƙara ko da yana da surutu.

Sai Archived. In ba ka saka shi a Excluded Chats ba, hirarrakin da ka tura Archive kuma suke da saƙon da ba a karanta ba za su riƙa fitowa a foldar. Mutane da yawa suna mamakin ganin tashar da suka ɓoye ta dawo musu ta nan. Saka Archived, ita ce maganin. Ko da Unread ɗin Telegram ka ɗauka, buɗe ta ka duba waɗanne sharuɗɗa ne a ciki, ka ƙara wanda babu.

Tsarin da malamar za ta ƙare da shi ke nan: a Included Chats akwai Contacts, Non Contacts, Groups da Channels, a Excluded Chats akwai Read, Muted da Archived. Ta kashe ƙarar tashoshi 40 ɗin da zaurukan da ba na aiki ko na gida ba. Da safe, maimakon hirarraki arba'in, za ta tarar da biyar ko shida, kuma kowacce akwai dalilin buɗe ta.

Non Contacts a bar shi a ciki. Uban ɗalibi da ya samu lambarta ya rubuto, ko sabon abokin ciniki ga mai sana'a, ba ya cikin Aiki ba ya cikin Iyali, kuma Sababbi ce kaɗai za ta kama shi.

Akwai wata dabara da ke mayar da wannan folda jerin ayyukan da ke jira. In ka buɗe saƙo kana tsakiyar wani abu ba ka samu amsawa ba, fito ka danna hirar ka riƙe, ka zaɓi Mark as unread. Za a sa mata ɗigo, ta koma Sababbi, ta zauna har sai ka sake buɗe ta. Wannan alama a wurinka kaɗai take. Wanda ya turo saƙon ya riga ya ga alamar an karanta, kuma ba za ta goge ba.

Abin da ya sa "aikin da ba a karanta ba" yake ƙin yiwuwa

Kusan duk wanda ya gama foldodin nan uku sai tunani na gaba ya zo masa: me zai hana in saka Read a Excluded Chats na foldar Aiki, ta riƙa nuna mini hirarrakin aikin da ke da sabon saƙo kawai? Sai ya saka, ya ajiye, ya koma ya tarar duk 18 ɗin suna nan daram, waɗanda aka karanta da waɗanda ba a karanta ba. Sai ya ɗauka manhajar ce ta lalace.

Ba lalacewa ba ce, haka aka gina tsarin. Hirar da ka zaɓa da hannu a Included Chats tana fitowa koyaushe. Sharuɗɗan Muted, Read da Archived suna aiki ne a kan abin da ya shigo ta nau'i kawai. Hirar da ka cire da sunanta a Excluded Chats kuwa ba ta fitowa ko da nau'inta yana ciki. Wato sunan da ka zaɓa da hannu, ko a ɓangaren shiga ko a na fita, ya fi ƙarfin kowane sharaɗi.

Wannan ƙa'ida ita ke bayyana wasu abubuwa biyu da ke ɗaure wa mutane kai. In wata hira ta maƙale a Sababbi ta ƙi fita bayan ka karanta ta, buɗe shafin gyaran foldar ka duba Included Chats; za ka tarar an saka ta da suna, galibi ta hanyar Add to folder da aka danna bisa kuskure, ko an yi mata Pin a cikin foldar. Cire ta daga nan sai ta koma bin doka. In kuma wata hira ba ta taɓa fitowa a Sababbi ba ko da saƙo ya shigo, duba abu uku bi da bi: ko an kashe mata ƙara, ko tana Archive, ko sunanta yana Excluded Chats. Na ukun yana faruwa ne idan ka taɓa danna Remove from folder a kanta kana cikin foldar da aka gina da nau'i, domin hanyar da Telegram ke bi ta cire ta ita ce ta rubuta sunanta a jerin waɗanda aka hana.

To in da gaske kana son foldar zaurukan aiki masu sabon saƙo, sai ka biyo ta baya. Buɗe sabuwar folda, ka zaɓi Groups a matsayin nau'i, ka saka Read a Excluded Chats, sannan ka cire duk zaurukan da ba na aiki ba da sunayensu. In malamar tana cikin zauruka 20, shida na makaranta, za ta cire 14 da hannu. Zai yi aiki, amma duk sabon zauren da aka saka ta, ko na biki ne, zai faɗo ciki har sai ta cire shi. Ga mutane kuwa hanyar ba ta da daɗi, domin sai ka zaɓi Contacts sannan ka cire duk wanda ba abokin aiki ba, kuma jerin cirewar ma yana da iyakar 100 a asusun kyauta. A ganinmu wahalar ta fi amfanin. Foldar Aiki mai hira 18 tana jera mai sabon saƙo a sama da kanta, ƙarƙashin waɗanda aka maƙale, kuma lambar da ke jikin sunan foldar tana gaya maka hirarraki nawa ne ke jira. Lambar nan hirarraki take ƙirgawa, ba saƙonni ba: in ta nuna 3, hira uku ce, ko da ɗaya tana ɗauke da saƙo hamsin.

Folda ba ta hana waya ƙara

Saka hira a folda ba ya canza komai game da sanarwa. Zauren aiki zai sa wayarka ƙara da ƙarfe goma na dare ko yana Aiki ko ba ya ciki. Wanda ke son hutu daga aiki a ƙarshen mako sai ya kashe ƙarar hirarrakin da kansu, kuma Mute yana ba da zaɓin ɗan lokaci, ya dawo da kansa in wa'adin ya cika. Sai dai ka tuna da abin da ka tsara a baya: muddin an kashe wa zauren aiki ƙara, ba zai fito a Sababbi ba saboda sharaɗin Muted. A Aiki kuwa yana nan, tunda da hannu aka zaɓe shi.

Haka ma folda ba ta share All Chats. In kana son babban jerin ya ragu, Archive ne aikinsa. Tura tashoshi 40 ɗin can bayan an kashe musu ƙara. Kashe ƙarar ya zama dole, domin a tsarin asali hirar da ke Archive kuma ƙararta na kunne tana dawowa babban jeri da zarar saƙo ya shigo, wadda aka kashe wa kuwa tana zama a can. Ana iya canza wannan a Archive Settings da ke cikin Archive ɗin. Domin kada labarai su ɓace maka gaba ɗaya, yi folda ta huɗu mai suna Tashoshi, ka zaɓi nau'in Channels, kada ka cire Archived. Sai ka riƙa shiga in ka samu sarari.

Jeri, gyara da gogewa

Domin canza jerin foldodi, danna sunan ɗaya a saman allo ka riƙe, ka zaɓi Reorder, ka ja su yadda kake so. Ko ka ja su a shafin Chat Folders. A asusun kyauta All Chats yana zama na farko, mai Premium ne ke iya matsar da shi. Saka Sababbi a gefensa, domin ita za ka fi buɗewa. A wannan jerin zaɓin ne kuma ake samun hanyar gyara foldar da ta mayar da duk abin da ke ciki an karanta. Yi hattara da ta biyun a foldar Sababbi: danna ɗaya yana share jerin duka, har da saƙonnin da ba ka buɗe ba, kuma babu maɓallin dawo da su yadda suke.

A waya ana wucewa daga folda zuwa folda ta jan allo gefe. Masu Android da suka saba jan hira gefe don tura ta Archive za su iya tarar abin ya sauya bayan sun yi foldodi; a Settings, Chat Settings, akwai wurin zaɓar abin da jan gefe zai riƙa yi. A Telegram Desktop ana iya tsallakawa tsakanin foldodi da Ctrl haɗe da lamba, bisa jerinsu.

Goge foldar da ka gina da kanka ba ya goge ko hira ɗaya. Inda ake buƙatar lura shi ne foldar da aka rabo maka. Tun watan Afrilu na 2023 ana iya tura folda ta hanyar mahaɗi, wanda ya danna ya shiga zauruka da tashoshin da ke ciki gaba ɗaya. Yana da amfani ga shugaban sashe da ke karɓar sabon ma'aikaci: mahaɗi ɗaya maimakon shida. Zauruka da tashoshi kawai ake rabawa, waɗanda suke a buɗe ga kowa ko waɗanda kake da ikon gayyata cikinsu, hirarrakinka da mutane ba sa bin mahaɗin. Foldar da aka gina da nau'i ko da jerin cirewa, irin Sababbi, ba ta rabuwa. In ka zo goge foldar da ka karɓa ta wannan hanya, Telegram za ta tambaye ka ko kana son ficewa daga hirarrakin da ke ciki, ta nuna maka jerinsu. Karanta jerin, ka cire alama daga duk zauren da kake son ci gaba da zama a cikinsa kafin ka tabbatar, domin zauren da ba a buɗe yake ba sai an sake gayyatarka kafin ka koma.